Ruwan gwal, gwal-fil da barme: nawa ne ainihin gwal ɗin da ke jikin sarƙarki?

A zangon karatun da ya wuce ne wata ƙawata ta yi aure, ni kuma ina cikin ƙawayen amarya. Na ɗebi kusan rabin kuɗin abincina na wata na sayi sarƙa da ɗan kunne da awarwaro a wajen wata mai sayar da kaya ta waya. Ta rantse mini cewa ba ya kodewa, har ta turo mini hoton hatimin da ke jikin maɓallin sarƙar, an buga 18K raɗau. Ranar kamu na sha ƙyalli, ba ƙarya. Bayan sati uku kuwa, ina dawowa daga lacca cikin zafin nan na watan Afrilu, sai abokiyar ɗakina ta kalle ni ta ce, "Ke, me ya sami wuyanki?" Na duba madubi, ga wani kore-kore ya zagaye wuyana kamar an zana da alli. Da na ɗauki sarƙar na ƙura mata ido sosai, sai na ga ashe bayan 18K ɗin akwai wasu ƙananan haruffa biyu da hoton bai nuna ba: GP.

Yanzu ga dinar 'yan ajin ƙarshe ta ƙarato, ga bukukuwa, ga samarinmu da ke ta tara kuɗin kyauta ko ma na lefe. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya bayan wannan asara, musamman da yake a sashenmu na kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje mun taɓa yin aikin shafa wa ƙarfe ruwan wani ƙarfe da lantarki. A shafukan masu sayarwa za ki riƙa cin karo da sunaye uku da Turanci: "gold plated", "gold filled" da "gold vermeil". A nan zan kira su ruwan gwal, gwal-fil da barme, domin na ukun kalmar Faransanci ce kuma kusan haka ake furta ta. A ido duk ɗaya suke ranar da aka saya. Bambancinsu yana cikin abu biyu kacal: wane ƙarfe ne a ciki, kuma nawa ne kaurin gwal ɗin da ke samansa.

Karat daban, kauri daban

Kuskuren da na yi shi ne na ɗauka 18K yana faɗa mini yawan gwal ɗin da ke cikin sarƙar. A'a. Karat yana faɗar tsarkin gwal ne kawai. Tsantsar gwal karat 24 ne. Karat 18 yana nufin kashi 18 cikin 24 gwal ne, wato kashi 75 cikin ɗari, sauran kuma wasu ƙarafa ne kamar azurfa da jan ƙarfe da ake haɗawa don ya yi ƙarfi. Karat 14 kuma kashi 58.5 ne cikin ɗari. Karat 21 da iyayenmu mata ke so, irin wanda ake zuwa da shi daga Saudiyya, kashi 87.5 ne. To idan an buga 18K GP, ma'anarsa ita ce ɗan abin da aka shafa a sama karat 18 ne. Bai ce komai ba game da yawansa.

Yawan kuwa da kauri ake auna shi, ma'aunin kuma shi ne maikiron. Ki ɗauki rula, ki dubi milimita ɗaya, ki raba ta gida dubu: kashi ɗaya shi ne maikiron. Silin gashin mutum yakan kai wajen maikiron 70, takardar da muke buga aikin aji a kanta kuma wajen maikiron 100. Ki riƙe wannan takardar a ranki, da ita za mu riƙa gwada komai.

Ruwan gwal

Wannan shi ne mafi yawan abin da ke kasuwa, wanda muke kira fashan. Ana ƙera abin da ƙarfe mai arha, galibi tagulla, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. A wanke shi tas, sannan a tsoma shi cikin wani ruwa da aka narkar da gishirin gwal a ciki, a haɗa shi da waya a saki lantarki. Lantarkin ne ke jawo gwal ɗin daga cikin ruwan ya kwanta a jikin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya yi firatikal ɗin shafa wa makulli jan ƙarfe ya san abin: gwargwadon daɗewarsa a ruwan da ƙarfin wutar, gwargwadon kaurin da zai samu. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin Italiya mai suna Luigi Brugnatelli ya gwada ta a 1805, sannan 'yan gidan Elkington na birnin Birmingham suka yi mata rajista a 1840 suka mai da ita sana'a.

Tunda kowane minti a cikin ruwan kuɗi ne, mai ƙera kayan arha ba ya barin su su daɗe. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa maikiron 0.175 a matsayin mafi ƙarancin kaurin da za a kira abu mai ruwan gwal na lantarki. Ruwan gwal mai ɗan kyau yakan kai rabin maikiron zuwa ɗaya. Rabin maikiron fa, sai kin jera irinsa ɗari biyu kafin ki kai kaurin takarda guda. Akwai kuma mai kauri da ake buga wa HGE, wanda a ƙa'idar hukumar sai ya kai maikiron 2.5, amma ba kasafai za ki same shi a tiren mai talla ba.

Gwal-fil

Sunan yana ruɗin mutane, domin yana nuna kamar an cika cikin abin da gwal, alhali akasin haka ne: tagulla ce a ciki, gwal ne a waje. Bambancinsa da na farko shi ne yadda ake ɗora gwal ɗin. Nan ba a tsoma komai a ruwa. Ana samun falle na gwal na sosai, galibi karat 14 ko 12, a ɗora shi a kan sandar tagulla, a haɗa su da zafi da matsi har su manne su zama abu guda. Daga nan a yi ta murza su cikin inji har su zama siririn falle ko waya ko bututu, sai maƙeri ya yanka ya lanƙwasa ya yi sarƙa ko awarwaro. In ruwan gwal fenti ne, gwal-fil riga ce.

Ƙa'idarsa ba ta kauri ba ce, ta nauyi ce. Dole gwal ɗin ya kai kashi ɗaya cikin ashirin na nauyin ƙarfen duka, wato kashi biyar cikin ɗari, kuma kada ya gaza karat 10. Shi ya sa hatiminsa yakan zo da 1/20 14K GF, ko a taƙaice 14/20. Idan gwal ɗin bai kai haka ba, misali kashi ɗaya cikin arba'in, sai a buga RGP.

Yadda ake yin sa ɗin nan ya ba mu wata alama mai amfani a kasuwa. Gwal-fil ba ya zubuwa. Idan ka narkar da shi don ka zuba a cikin zubi, gwal da tagulla sun gauraye kenan, rigar ta tafi. Saboda haka kayan gwal-fil na gaskiya kusan kullum masu sauƙin fasali ne: siririyar sarƙa, ɗan kunne mai zagaye, awarwaro sumul, ƙananan duwatsun ado na ƙarfe. In kika ga ƙatuwar sarƙa mai furanni da tudu da kwari irin ta zubi, mai ita yana ce miki gwal-fil ce, to ki yi murmushi ki ajiye masa.

Barme

Barme ruwan gwal ne shi ma, da lantarki ake yin sa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ƙarfen ciki dole ya zama azurfa, wadda ake buga wa 925, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Na biyu, a ƙa'idar Amurka kaurin gwal ɗin sai ya kai maikiron 2.5, kuma tsarkinsa kada ya gaza karat 10. Wato ya ninka ruwan gwal mai rabin maikiron sau biyar, duk da haka sai an jera irinsa arba'in kafin a kai kaurin takarda.

A da can, maƙeran Faransa da zaiba suke yin wannan aiki. Sukan narkar da gwal a cikin zaiba, su shafa a jikin azurfa, su gasa har zaibar ta tashi ta bar gwal. Hayaƙin zaiba guba ne, ya kuma lalata lafiyar masu aikin da yawa, sai hanyar lantarki ta zo ta maye gurbinta.

Abin lura a nan shi ne, ba duk abin da yake rawaya kuma aka buga masa 925 ne barme ba. Hatimin yana faɗar abin da ke ciki ne kawai. Ana iya shafa wa azurfa ruwan gwal na rabin maikiron, ta fito da kyau, amma ba ta cika sharaɗin barme ba. Don haka in an ce miki barme ne, tambaya ta gaba ita ce: maikiron nawa?

Mu gwada su a kan awarwaro guda

Zance ba ya zama sai an yi lissafi, don haka mu ɗauki awarwaro ɗaya sumul mu yi shi ta hanyoyin uku. Zagayensa santimita 20, faɗinsa rabin santimita, kaurinsa milimita ɗaya. Na zaɓi wannan girman ne don ƙarfen da ke cikinsa ya zama santimita ɗaya mai kusurwa uku cif, wato kamar ɗan ƙaramin dunƙulen sukari. Faɗin jikinsa duka, ciki da waje da gefe biyu, santimita murabba'i 24 ne.

Na farko tagulla ne mai nauyin wajen giram 8.5, an shafa masa karat 18 mai kaurin rabin maikiron. In kika ninka faɗin jikin da kaurin, sannan da nauyin karat 18, za ki samu wajen miligiram 19, tsantsar gwal a ciki kuma wajen miligiram 14. Miligiram kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. Wato sai kin tara irin wannan awarwaro sama da saba'in kafin ki haɗa giram ɗaya na gwal.

Na biyu barme ne. Tunda kaurin ya ninka sau biyar, tsantsar gwal ɗin ma ta ninka sau biyar, wajen miligiram 70. Amma a ƙarƙashinsa akwai azurfa mai nauyin giram 10 da ɗan ɗoriya, wadda tsantsarta ta kai wajen giram 9.5.

Na uku gwal-fil ne mai nauyin wajen giram 8.7. Kashi ɗaya cikin ashirin na wannan shi ne miligiram 435 na karat 14, tsantsar gwal a ciki kuma wajen miligiram 254, wato rubu'in giram. In aka shimfiɗa wannan a jikin awarwaron duka, kaurinsa zai kai wajen maikiron 14. Ya ninka na farko kusan sau ashirin da takwas, ya ninka barme fiye da sau biyar.

Sai dai akwai wani abu da masu talla ba sa faɗa. Tunda ƙa'idar gwal-fil ta nauyi ce, kaurin rigar yana bin kaurin abin ne. A awarwaronmu mun samu maikiron 14, amma a siririyar sarƙa da aka yi da waya mai kaurin rabin milimita, lissafin iri ɗaya zai ba ki wajen maikiron 4 kawai. Har yanzu ya fi barme, amma ba da nisa sosai ba. Don haka in kin ji ana cewa gwal-fil ya ninka ruwan gwal sau ɗari, ki tambaya a kan wane irin abu, kuma da wane ruwan gwal ɗin aka gwada.

Yadda kowanne ke tsufa

Shi gwal kansa ba ya tsatsa, ba ya baƙi. Abin da muke kira kodewa abu biyu ne. Ko dai gwal ɗin ya goge ya tafi saboda gogayya, ko kuma ƙarfen da ke ƙasa ya samu hanyar fitowa ta ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Gwargwadon sirantar shafin, gwargwadon yawan ramukan.

A ruwan gwal, gumi ne ke bi ta waɗannan ramuka ya iske tagulla. Gishirin gumi da ɗan tsaminsa suna cin jan ƙarfen da ke cikinta, su fitar da wani gishiri mai launin kore. Shi ne abin da na gani a wuyana. Ba cuta ba ce, sabulu yana wanke shi. Wanda ya fi damuwa shi ne nikel, wani ƙarfe da wasu masu ƙera kayan arha ke shimfiɗawa tsakanin tagulla da gwal. Da zarar gwal ya goge, nikel ya taɓa fata, mai jikin da ba ya son sa sai ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman a hudar kunne. In kunnenki yana ruwa duk lokacin da kika sa ɗan kunnen fashan, wannan ne abin zargi na farko. Ruwan gwal mai siriri da ake sawa kullum a zafin garinmu, 'yan makonni zuwa 'yan watanni ne rayuwarsa.

Barme yana daɗewa fiye da haka, kuma tsufansa ya fi mutunci. In gwal ɗin ya goge, fari ne ke fitowa a gefe-gefe, launin rawayan ya yi haske. Azurfa kuma tana baƙi in ta haɗu da farar wuta da ke cikin iska da gumi, shi ya sa wani lokaci za ki ga duhu-duhu a lungunan abin tun gwal bai gama tafiya ba. Amma ko ya kode gaba ɗaya, abin da ya rage a hannunki azurfa ce, kina iya ci gaba da sa ta fara, ko ki kai a sake shafa mata gwal.

Gwal-fil shi ne mai jure wahala a cikinsu. Da kulawa daidai gwargwado yana yin shekaru da yawa bai nuna tagulla ba. Rauninsa yana wuraren da aka yanka ko aka yi walda, domin a bakin yanka tagulla a buɗe take. In zai fara duhu, daga nan yake farawa. Kuma ba a kai shi a goge da injin gogewa kamar gwal na gaske, don injin yana cinye rigar.

Wurin da abin yake zama a jiki shi ma yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗan kunne ba ya gogar komai sai gefen ɗankwali ko hijabi, don haka ko mai ruwan gwal ne yana iya ɗaukar lokaci. Sarƙa tana shan gumi da gogar wuyan riga. Zobe da awarwaro kuwa su ne 'yan wahala: alwala sau biyar a rana, wanki, wanke-wanke, gogar tebur a ɗakin lacca. In kuɗinki bai kai ki sayi komai mai kyau ba, ki sa kuɗin a kan na hannu, ki bar na kunne ya zama mai arha, muddin fatarki ba ta ƙin nikel.

Maganar kuɗi

Farashin gwal yana motsi kullum, ga canjin dala, saboda haka duk adadin da na rubuta a nan zai tsufa kafin mujallar ta fito. Don sauƙin lissafi, mu ƙaddara giram ɗaya na tsantsar gwal naira 200,000 ne, na azurfa kuma naira 2,500. Ke kuma ki tambayi farashin ranar a layin 'yan gwal ki sauya lambobin.

A wannan ƙaddarawa, gwal ɗin da ke jikin awarwaro mai ruwan gwal na naira 2,800 ne. In kuwa mai siririn nan ne na maikiron 0.175, ko naira 1,000 bai cika ba. Barme yana da gwal na naira 14,000 da azurfa ta kusan naira 24,000, jimla wajen naira 38,000. Gwal-fil yana da gwal na wajen naira 51,000. Shi kuwa awarwaro mai wannan girma da aka yi da karat 18 zalla, nauyinsa zai kai giram 15.5, gwal ɗinsa kaɗai ya haura naira miliyan biyu da dubu ɗari uku. Duk wannan kuɗin ƙarfe ne kawai, ba a sa ladan aiki da kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa ba.

Amfanin wannan lissafi shi ne ya ba ki ƙasan farashi. Babu ɗan kasuwar da zai sayar da abu ƙasa da kuɗin gwal ɗin da ke cikinsa. In aka miƙo miki awarwaro mai nauyin giram takwas da rabi, aka ce gwal-fil ne, kuma naira 10,000, to ba sai kin kai shi gwaji ba, lissafi ya riga ya ƙaryata shi. Hanyar a taƙaice: ki auna nauyin abin, ki raba da ashirin, ki ninka da 0.585 in karat 14 ne, sannan ki ninka da farashin giram na ranar. Kowane mai shagon gwal yana da ɗan sikeli, wayarki kuma tana da kalkuleta.

Tsakanin barme da gwal-fil, ba kullum ɗaya ke fin ɗaya tsada ba. Ya danganta da nauyin abin, da farashin azurfa a lokacin, da sunan kamfanin da ya yi shi. Abin da ya kamata ki sani shi ne me kike biya. A gwal-fil kina biyan daɗewar launi ne. A barme kina biyan ƙarfen ciki mai daraja wanda galibin fata ke karɓa.

Wata gaskiya mai ɗaci ga masu tunanin ajiya: babu ɗaya cikin ukun da zai zama miki jari irin gwal ɗin da iyayenmu ke ajiyewa don ranar buƙata. Mai ruwan gwal ba wanda zai saya a hannunki don ƙarfensa. Barme za a iya auna shi a matsayin azurfa. Gwal-fil yana da gwal a jiki, amma raba shi da tagulla aikin matata ne, don haka kada ki sa ran ɗan gwal zai biya ki kusa da abin da lissafi ya nuna. Kai ma ɗan'uwa mai haɗa lefe, in ka sa ɗaya daga cikinsu a akwati, ka faɗi sunansa na gaskiya tun farko. Gwaggon amarya za ta kai shi a duba, ko ba daɗe ko ba jima.

Abin da za ki duba kafin ki biya

Ki fara da hatimi, da idonki, ba a hoto ba. Ki kunna kyamarar waya ki zuƙo maɓallin sarƙar ko cikin zoben, ki karanta har ƙarshe. GP ko GEP ruwan gwal ne, HGE mai kauri ne, GF gwal-fil ne, 925 azurfa ce a ciki. Amma ki tuna waɗannan ƙa'idoji na Amurka ne, kuma buga hatimi aikin guduma ne da ɗan ƙarfe, kowa na iya yi. Hatimi yana gaya miki abin da mai kayan ke iƙirari ne kawai. Sunayen kasuwa irin su ji-el da Inglish gwal kuwa, ba su faɗi kauri ba, ba su faɗi ƙarfen ciki ba, sai kin tambaya.

Maganaɗisu yana taimakawa amma da iyaka. Gwal da azurfa da tagulla duk ba sa bin sa. In ya ja jikin abin, to akwai baƙin ƙarfe ko nikel a ciki, kuma iƙirarin barme ko gwal-fil ya rushe. In bai ja ba, bai tabbatar da komai ba, don tagulla mai ruwan gwal ma ba za ta motsa ba. Kada kuma ki gwada a kan maɓalli, saboda ɗan sifirin ɗin da ke ciki baƙin ƙarfe ne ko a sarƙar gwal ta gaske.

Gwajin 'yan gwal shi ne goga abin a kan baƙin dutse a ɗiga wa layin asid. In an goga sama-sama, gwal ɗin waje kawai za a ɗebo, shi ya sa gwal-fil ke iya cin wannan jarrabawa kamar na gaske. Mai gwaji da ya san aikinsa yakan ɗan karce wani ɓoyayyen wuri da magagari har ya wuce rigar, sannan ya ɗiga asid a ramin. Tagulla takan yi kumfa kore, azurfa kuma takan yi fari-fari kamar madara. Wannan yana barin tabo, kuma asid ɗin yana ƙona fata, don haka ba abin yi ba ne a ɗakin hostal.

Bayan kin saya, ƙa'idar kulawa ɗaya ce ga dukkansu: shi ne na ƙarshen sawa, na farkon cirewa. Ki gama shafa mai da feshin turare da humra, su bushe, sannan ki sa. Ki cire kafin wanka da wanki, musamman in akwai ruwan bilic. Masu shafa man ƙara hasken fata su ƙara kula, domin wasu daga cikinsu na ɗauke da zaiba, ita kuwa zaiba tana haɗuwa da gwal ta bar masa farin tabo, ban da illar da take yi wa jiki. In kin cire, ki share gumin da ƙyalle mai laushi, ki ajiye kowanne a 'yar ledarsa don kada su riƙa karce juna. Kada ki goge su da toka ko man goge baki kamar yadda wasu ke yi wa azurfa, don gogewa ɗaya tana iya tafiya da rabin maikiron ɗin gaba ɗaya.

Ni dai don dinarmu na riga na yanke shawara. Ɗan kunne mai ruwan gwal zan saya, mai arha, da sanin cewa na dare ɗaya ne zuwa 'yan bukukuwa. Sauran kuɗin ina tara su ne don siririyar sarƙar gwal-fil da zan riƙa sawa bayan kammala karatu, kuma ranar da zan saye ta, sai an ɗora ta a sikeli a gabana. Tsohuwar sarƙar nan mai GP tana nan a cikin lokata. Duk mai son ganin yadda rabin maikiron ke ƙarewa, ta leƙo ɗakinmu bayan la'asar.